Hajiya Anti ta Indiya da Godiya Mai Baki Biyu

Bahaushe ba ya godiya sau ɗaya. Ka ba shi aron garma yau, zai gode maka nan take, ya dawo bayan magariba ya sake, gobe da asuba ya tare ka a ƙofar masallaci da "an gode jiya", sannan ya turo wansa ya taya shi. Abin da ba mu saba da shi ba shi ne zuba godiya a takarda. Sai ga shi karatun ƙasar waje ya kawo mana wannan sabon aiki, mu kuma muka yi masa irin namu gyaran.

Tun daga 2012, da gwamnatin Kwankwaso ta tura ɗalibai 501 karatun digiri na biyu a waje, zuwa 2023 da ta Abba Kabir Yusuf ta ɗebi 1,001 zuwa Indiya da Uganda, jirgin da ke tashi ta saman Fanisau ya daina zama abin kallo kawai ga mutanen Ungogo. Yanzu har da ɗan gida a ciki. Ban da na gwamnati, akwai waɗanda iyaye suka yanki gefen gona suka sayar wa masu fulotai, suka tura. Da yawa daga cikinsu Greater Noida suke sauka, kusa da Delhi, a jihar Uttar Pradesh, inda jami'o'i irin su Sharda suke. Wanda bai zauna a ɗakin kwanan makaranta ba sai ya kama haya a gari, a gidan wata dattijuwa da kowa ke kira Anti.

Kafin a yi dariya, a san abin da Anti ta yi. A Indiya ɗalibin da zai wuce kwana 180 dole ya yi rajista da ofishin baƙi, FRRO, cikin kwana 14 da saukarsa, mai gida kuma sai ya cike takardar da ake kira Form C, ya shaida wa hukuma cewa baƙo yana gidansa. Masu gidaje da yawa, da sun ji wannan, kuma suka ga baƙar fata, sai su ce ɗaki ya riga ya shiga. A garin nan ne kuwa aka far wa ɗaliban Nijeriya da duka a watan Maris na 2017. To, Anti ta cike takarda, ta sa hannu a yarjejeniyar wata 11 irin tasu. Da sanyin Janairu ya sauko, ta ga ɗanmu yana karkarwa cikin shadda, ta hau sama da bargo. Da naira ta karye, kuɗin gida suka makara har wata biyu saboda ana jiran kaka a sayar da gero, ba ta ce masa uffan ba. Da zazzaɓin dengi ya kayar da shi bayan damina, ita ta kai shi asibiti. Da azumi takan ajiye masa capati da miyar wake a bakin ƙofa don sahur, alhali ita ba azumin take yi ba. Sharaɗinta ɗaya ne: nama ba ya shiga gidanta, ko ƙwai ba ta yarda a fasa mata a kicin.

Karatu ya ƙare, ɗanmu ya sayi kati, ya rubuta godiya. Gefen hagu Turanci, gefen dama Hausa.

Na Turancin layi biyar ne cif. Ya ce mata Anti, ya gode da bargon Janairu, ya gode da haƙurin wata biyu da ta yi kan kuɗin haya, ya ce ba zai manta daren asibiti ba, ya sa suna. Ko gaisuwa babu. Da a ce wani dattijo a Rangaza aka aika wa irin wannan, da ya juya takardar ya ga ko sauran yana baya, sannan ya tambaya ko yaron yana fushi da shi ne.

Na Hausar kuwa bai isa a kati ba, sai da aka yago fallen littafi biyu aka liƙa. Ya fara da sallama irin ta addinin Musulunci, zuwa ga matar da ke kunna turare gaban gunki kowace safiya. Sannan "Zuwa ga uwata abar alfaharina, Hajiya Anti." Matar da ba ta taɓa tunanin Makka ba, ɗanmu ya sauke mata farali da biro. Sai gaisuwa: ya gida, ya iyali, ya sanyi, ya haƙuri da mu. Sai saƙon mutanen gida: Baba yana gaisuwa, Inna tana gaisuwa, Baffa da Kawu da Gwaggo suna gaisuwa, har da mai unguwa, wanda bai san an haifi Anti ba. Sai addu'a, shafi guda: Allah ya saka da alheri, ya raya zuriya, ya tsare gaba da baya, ya biya buƙata, ya rufa asiri.

Karanta shafukan nan sau uku, ba za ka ga bargo ba. Ba za ka ga asibiti ba. Bashin wata biyu kuwa, ko ƙamshinsa babu. An tattara su duka an cusa cikin kalami ɗaya: "ɗawainiyar da kika yi ta yi da ni."

Dalili a fili yake. Anti ba ta jin Hausa, kuma ba ita aka rubuta wa ba. Kafin katin ya sauka daga bene zuwa ɗakinta, hotonsa ya riga ya iso Ungogo ta waya, ana karanta shi a zaure. Gefen Turanci na Anti ne, shi ya sa aka faɗi gaskiya a ciki. Gefen Hausa na gida ne, shi ya sa aka rufa asiri. Yaron da aka raka filin jirgi da motoci uku ba zai rubuta da hannunsa cewa an ciyar da shi bashi ba. Kuma ya san ƙanensa mai karanta wa jama'a, in ya zo kan Turancin, zai ce "shi ma dai godiya ce", ya wuce.

Daga nan kwamitin gida ya zauna. Inna, wadda ba ta kama sunan ɗan fari, ta fara: "Ita matar nan da yaron nan yake ta kira uwarsa, ba ta da 'ya'yan kanta ne?" Gwaggo, wadda ta ƙoshi da finafinan Indiya na fassara, tambayarta biyu: shin Anti tana da 'ya budurwa, kuma shin a gidan ana yin waƙar nan ta cikin ruwan sama? Da aka ce akwai 'ya, amma tana aiki a wani gari, sai Inna ta ce a kira mata yaron nan yanzu-yanzu.

Baffa shi addu'ar ce ta tsaya masa a rai. Ya lura babu "Allah ya sa Aljanna makoma", ya ce wannan rowa ce. Aka aika wa malam, malam ya ce a sa "Allah ya shirye ta". Aka buga wa ɗanmu waya ya ƙara, kuma ya sa a gefen Turancin ma don ta amfana. Ɗanmu ya yi shiru, ya hango kansa yana miƙa wa matar da ta kai shi asibiti takarda mai cewa a ɓace take. Sai ya ce, "Baffa, ba na jin ka sosai, sabis ne."

Sai batun tukwici, tunda yaba kyauta tukwici. Nan gida ya nuna bajinta. Baba ya ce a sayo kilishi na gani na faɗa. Inna ta ce za ta yi dambun nama da hannunta. Kawu ya yi alkawarin jaka da takalmin fata daga kasuwar Kurmi, ya ƙara da cewa fatar saniya ce zalla, ba algus. Duk wannan za a aika wa matar da ba ta yarda da ƙwai ba, a jihar da doka ta hana yanka saniya tun 1955. Da ɗanmu ya yi bayani, Kawu ya ce, "To, ba sai ta ci ba, ta ajiye wa baƙi." Gwaggo ta kawo shawarar lalle, aka tuna mata cewa can ma gidansa ne. Da ƙyar aka daidaita a kan zane biyu na rinin Ƙofar Mata da ƙwaryar alkaki, Baba yana ta mitar an aika wa mutuniyar kirki kyauta ba maiƙo.

Amsar Anti ta iso, layi biyu. Ta ce ta ji daɗi ƙwarai, ya gaishe da mahaifiyarsa. Sannan saura kuɗin wuta na watan ƙarshe, kuma ya manta butarsa a banɗaki. Ƙanen nan ya karanta wa zaure cewa Hajiya ta amsa gaisuwar kowa da kowa, tana kuma sa albarka.

In ana son gyara, ba wuya. Kowane gefe ya ari abin da ɗan'uwansa yake da shi. Na Turanci ya ƙara gaisuwa da fatan alheri ko layi biyu ne, don Anti ta san daga gidan mutunci yaron ya fito. Na Hausa ya kira bargo bargo, ya kira bashi bashi. Godiyar da ba ta ambaci abin da aka yi ba, ana iya miƙa ta ga kowa, daga mai shayi har ɗan majalisa, kuma mai karɓa yana ganewa. Hanyar gwaji ɗaya ce: goge sunan da ke sama, ka sa na wani. In wasiƙar ta zauna daram, ba ka gode wa kowa ba tukuna.

Amma akwai dalili na biyu da ya sa ya kamata a faɗi abin da Anti ta yi dalla-dalla da Hausa, a zaure, kowa yana ji. Rijiyar Zaki ma ƙasar Ungogo ce, ga sabuwar harabar Jami'ar Bayero a gefenta, ɗalibai baƙi cike suna neman ɗaki. Baffan nan da ya ce an yi wa Anti rowar Aljanna yana da ɗakuna huɗu a can. Dokarsa sananniya ce: kuɗin shekara a dunƙule, ban da na dillali, kuma sai ya ji ɗan wane gari ne kai, in sunan ya yi masa nauyi a baki, ɗaki ya shiga. Ranar da aka karanta wasiƙar, har hawaye ya share, yana cewa har yanzu akwai mutanen kirki a duniya. Da la'asar ya aika dillali ya shaida wa wani ɗalibi ɗan Binuwai cewa ya makara da sati biyu, in Juma'a ta yi bai biya ba, ya kwashe kayansa.

Yaron ya roƙi a ɗaga masa ƙafa zuwa ƙarshen wata. Baffa ya ce shi ba gidan marayu ya buɗe ba.