Maganar Nan

Ranar Talata na iske ma'ajin ƙungiyar unguwarmu a bakin masallaci, waya a kunne, ya rusuna har gwiwa yana gaida mutumin da ke Abuja. Ya tambayi lafiya, iyali, gajiya, sanyi, har jikin Hajiya Babba da ta warke tun bara. Sai da katinsa ya kusa ƙarewa ya ce, "Ranka ya daɗe, dama kan maganar nan ne."

Maganar nan! Naira 500,000 ce, wadda Alhaji ya yi alkawari da bakinsa a lasifika ranar gidauniyar rijiyar burtsatse, aka yi kabbara har sau uku. Amma ma'aji ba ya iya kiran sunanta, kamar sunan ɗan fari. Wata na farko "maganar nan" ce. Wata na uku ta koma "'yar maganar nan". Yanzu ta rame ta zama "ba komai, gaisuwa ce kawai", Alhaji kuwa ya amsa gaisuwar ya kashe waya. Na tabbata nan da azumi ma'aji ne zai nemi gafara, ya kai goro.

Ya buɗe mini littafin. Layi huɗu ya ja: suna, alkawari, abin da ya shigo, saura. An yi alkawarin naira 4,200,000, abin da ya shigo 610,000, kuma kusan duka daga masu dubu biyu da dubu biyar ne, irin su mai shayi da matan da suka ƙullo nasu a bakin zane. Layi na uku a gaban sunayen manya fari fat, ko ƙuda bai sauka ba. Wani ya turo hoton rasit, banki ya ce bai san zancen ba. Wanda ya yi alkawarin siminti buhu 50 ya ce a jira farashi ya sauko. Akwai wanda har yau yake kuka da canjin kuɗin 2023.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne maroƙi. Shi kam an biya shi nan take, da sababbin takardu, ana liƙa masa a goshi. Shi ba ya cewa "maganar nan". Idan ka hana shi, gobe unguwa ta ji asalin kakanka. Mai rumfa da kujeru ma bai kwance igiya ba sai da ya ƙirga 180,000 ɗinsa. Ashe mun tara jama'a ne don mu azurta mai rumfa, 'ya'yanmu kuwa suna bin 'yan garuwa da jarka tun asuba.

Shawarata ga shugaba, a taro na gaba a ba maroƙi littafin da lasifika.

Ni ma sunana yana shafi na biyu, dubu ashirin. Malam ma'aji, na ga kiranka, ina cikin taro ne.