Gaisuwa Ta Cinye Saƙo

Ni ne malamin ajin JS 2, kuma ba na iya cike katin sakamako sai kowane malami ya miƙo makinsa: 40 na gwaje-gwaje, 60 na jarabawa. Wa'adi ya cika ranar Litinin, kowa ya kawo ban da malamin lissafi, dattijon da ya koyar da yayana. Wa zai dubi tsabar idonsa ya ce ya makara?

Sai na lallaɓa ta WhatsApp. Na gaishe shi da gajiya, da iyali, da zafi, na rufe da "Malam, yaya ake ciki?" Ya amsa da saƙon murya mai tsawo: lafiya lau, sai dai akuyarsa ta haifi biyu, kuma masara ta yi tsada.

Na sake dabara, na rubuta, "Malam, akwai wata 'yar magana, amma nauyinka nake ji." Bayan magariba sai ga sallama a ƙofar gida. Malam ne, ya ja ni gefe, ya cusa min dubu biyar a aljihu, ya ce, "Ɗana, kowa ya san ƙarshen wata. Kada ka ce komai." Ban kuwa ce komai ba.

Da na ba Hajiya malamar Turanci labari, sai da ta yi dariya har da ƙwalla, sannan ta karɓi wayata ta rubuta:

"Salamu alaikum Malam, barka da aiki. Ina haɗa katin JS 2, saura makin lissafi da aka sa wa Litinin. Ina aka kwana? Ranar Juma'a zan kai wa shugaba ya sa hannu, don haka Alhamis da azahar ta ishe ni. In akwai abin da ya tsaya, zan iya zuwa mu tattara tare."

Ta ce in lura, babu "har yanzu", babu "me ya sa", domin su ne ke sa mutum ya fara kare kansa. Ranar wa'adi an faɗe ta a matsayin labari, an faɗi dalilin gaggawa, an ba da sabuwar rana, an kuma buɗe masa ƙofar faɗin matsala.

Kafin shayinta ya huce amsa ta iso. Ashe tuni Malam ya gama maki, yara shida ne ba su yi gwaji na biyu ba, yana jiran mataimakin shugaba ya yanke hukunci. Aka ba su gwajin washegari, maki ya zo Alhamis da hantsi. Kuɗin kuwa da na so mayar masa, ya rantse ba zai karɓa ba.

In za ka bi sawun aiki, gaisuwa layi ɗaya ta isa. Sauran layukan ka ba sunan aikin, da rana, da tayin taimako.