Hakimi da Talakawansa

A gidanmu na Sanyinna ba a yanka wa dabba rago, halinta ke raɗa mata suna. Bunsurunmu Hakimi ne, don bai taɓa cin dusa ba sai ya kore kowa daga kwano. Akuyar da ke tsallaka katanga ta afka wa gero a gonar maƙwabta, Inna ta sa mata Sammaci, tunda sau 3 ana kai mu gaban mai unguwa saboda ita. Akwai kaza Kishiya, wadda ba ta ƙwai sai a akurkin wata.

Zakara kuwa Ladan muke ce masa, amma sai hantsi yake cara. Shi muka fara yankawa da Sallah.