Yadda Za Ka Ƙetare Iyaka Uku Ka Dawo Gida Da Sunanka

Duk mai shirin bin hanyar Legas zuwa Akara a mota ya san zai riƙe fasfo, da katin rigakafin shawara, da 'yan canji. Abin da ba a cika gargaɗin matafiyi a kai ba shi ne sunansa, alhali shi ne kayan da ya fi saurin lalacewa a hanya. Ga shawarwari daga labarin wani ɗan kasuwar Kano, mu kira shi Shu'aibu Ɗanjuma, wanda ya bar gida da suna ɗaya ya isa Gana da guda huɗu.

Da farko, ka yi sallama da lanƙwasarka tun a gida. Buɗe shafin fasfo mai hoto ka dubi layuka biyu na ƙasa, waɗanda na'ura ke karantawa. Ƙa'idar hukumar ICAO ce ta tsara su: kowane layi gurbi 44, kuma ba abin da ke shiga sai manyan haruffa A zuwa Z, da lambobi, da alamar da ke cike gurbi. Ɗ da Ƙ da Ɓ ba su da kujera a wannan mota, haka ma ɗan wakafin da ke tsakiyar Shu'aibu. Ga yadda na mutuminmu ya fito:

```
P<NGADANJUMA<<SHUAIBU<<<<<<<<<<<<<<<<<<<<<<<
```

Ka ga tun bai hau mota ba an aske masa lanƙwasa, an kuma sa sunan mahaifinsa a gaba. Kada ka yi fushi da wannan layi. Shi ne sunanka na tafiya, kuma shi ne alƙali duk ranar da gardama ta tashi.

Na biyu, kuma nan ne Malam Shu'aibu ya fi shan wuya: kada ka faɗi sunanka da baki ga mai riƙe da biro. Daga Seme ka shiga Benin, daga Hillacondji ka shiga Togo, duk ƙasashen Faransanci ne, kuma akawunsu abin da kunnensa ya ji yake rubutawa da haruffan makarantarsu. Sautin da muke rubutawa sh, shi ch yake sa masa. Namu u, shi ou ne. Namu j, sai ya jingina masa d a gaba kafin ya yarda ya yi ƙarfi. Ba mugunta ba ce, haka aka koya masa, kuma da wannan lissafin ne Usman ɗinmu yake zama Ousmane a Maraɗi, Abubakar ya zama Aboubacar. Katin rigakafin mutuminmu ya ɓace a hanya, ya shiga wani asibiti a Kwatano aka yi masa sabo. Akawu ya tambayi suna, shi kuma ya gyara murya ya faɗa da kyau, yadda liman ya faɗa ranar suna. Aka miƙo masa kati ɗauke da Chaibou Dandjouma. Ya duba, ya ga ai in an karanta shi ɗin ne, ya yi godiya ya sa a aljihu.

A iyakar Togo aka ba shi takarda ya cike. Ya ga gurbin Nom a sama, ya ce ai suna ake nema, ya rubuta Shu'aibu. Gurbin Prénom kuma ya ba mahaifinsa. To Nom sunan dangi ne, Prénom shi ne naka na yanka. Mu Hausawa da ba mu gaji sunan dangi irin na Turawa ba, muna ɗaukar na uba, ko na kaka, ko ma na gari, wannan gurbi yakan ruɗe mu. Dabarar mai sauƙi ce: abin da ya zo tsakanin NGA da alamomin nan biyu a layin fasfo, shi ne Nom, ko da kuwa a unguwa ba mai kiranka da shi. Nan dai aka yi rajistar baƙo mai suna Musye Shu'aibu, ɗan gidan Shu'aibu, wanda ake kira Ɗanjuma.

Da aka iso Aflao, ƙofar Gana, sai Turanci ya dawo, ya tarar da aikin da Faransanci ya yi. Jami'i ya ɗaga katin rigakafi ya karanta ch da ou irin na Ingilishi, ya ƙwala kira: "Caibau! Caibau Dan-di-jauma!" Mutuminmu na zaune a kan benci yana tausaya wa wannan bawan Allah da ake ta nema bai amsa ba. Sai da direba ya zo ya dafa shi ya ce, "Alhaji, kai fa ake kira, mota duk kai take jira." Ya tashi ya ce, "Ranka ya daɗe, ni Shu'aibu ne." Jami'i ya ajiye fasfo a dama, kati a hagu, ya ce yana ganin mutum biyu a takarda, mutum ɗaya a gabansa, ina ɗayan? Tambayar tana da ban dariya, amma tana kan hanya. Aikinsa ke nan ya tabbatar wanda aka yi wa allura shi ne mai fasfo, kuma kamannin sauti ba hujja ba ce a wurinsa. Ranar haihuwa da ta zo ɗaya a takardun biyu, da haƙurin fasinjoji, su suka fitar da shi bayan dogon zama.

Kada ka ce yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 za ta cece ka. Ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ba biza har kwana 90, amma wanda takarda ta ambata ta ba wa, ba wanda ya yi kama da shi ba.

A masaukinsa a unguwar Nima ta Akara, inda Hausawan zango suka kira shi Malam Shu'aibu Ɗanjuma da lanƙwasa da wakafi da komai, ya zauna ya yanke shawara, kuma ina ganin ya yanke daidai. Ya raba sunansa gida biyu, na baki da na biro. Na baki ya sake wa duniya. A kira shi Caibau, a kira shi Shebu, a kira shi Musye Dan, zai miƙe ya ce na'am da fara'a, ya ma koyi kasa kunne ga duk kiran da ya ƙare da juma ko jauma. Na biro kuwa ko harafi ɗaya ba ya yafewa. Ya je wurin masu yanka hatimi aka yi masa ɗan kati da manyan baƙaƙe, layin sama DANJUMA da Nom da Surname a gefensa, layin ƙasa SHUAIBU. Duk teburin da aka ce "suna?", sai ya yi sallama ya miƙa kati, bakinsa a rufe. In an gama rubutu, ba ya ɗagawa sai ya bi da yatsa harafi bayan harafi, domin gyara a gaban akawu minti ɗaya ne, gyara bayan an buga hatimi kuwa wata tafiyar ce.

Da ya koma Kano ya baje takardunsa a tabarma: fasfo, da takardar NIN, da lasin tuƙi, da na banki. Ya tarar ashe ɓarnar ba a waje ta fara ba, don a banki Shuaib yake, a lasin kuma Shaibu. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, da takardar rantsuwa daga kotu inda aka nema, har suka koma rubutun fasfo. An ce suna linzami ne, to linzami huɗu a bakin doki ɗaya ba inda za su kai shi.

Kai mai shirin tafiya, yau da dare ka fito da takardunka ka jera su, ka karanta da ido, kada ka karanta da ka. In harafi ɗaya ya saɓa, ka gyara kafin ka sayi tikiti, musamman na jirgi, inda kamfani ke iya hana ka hawa saboda saɓanin suna. In kuma ɗanka za ka yi wa takardar haihuwa, ka rubuta sunan da hannunka ka miƙa wa akawu.