Dikoda Ta Rasu, Albashinta Na Tafiya

Muna yawan zagin gwamnati kan ma'aikatan bogi, alhali a falon gidaje da dama akwai guda kwance ƙarƙashin talabijin, an lulluɓe shi da ƙyalle mai fulawa, kuma duk wata sai ya karɓi albashinsa cif. Dikoda nake nufi.

Ga yadda ake ɗaukarsa aiki. Wani Alhaji a unguwarmu ya sa an kafa masa dish a Janairun 2024, lokacin gasar cin kofin Afirka a Kodebuwa. Don kada a yanke masa kallo ana tsakiyar wasa, autan gida ya karɓi katin bankinsa ya shigar a manhajar kamfanin, ya danna wani ɗan maɓalli mai suna Auto-renew. Ma'anar maɓallin: kun ga katina, duk ranar da kwana 30 suka cika ku ɗebi naku, ba sai kun yi sallama ba. Najeriya ta sha kashi a wasan ƙarshe da ci 2 da 1, Alhaji ya yi fushi da ƙwallo. Da damina tsawa ta ƙona dikodar. Hajiya dama ta koma kallon fina-finanta a waya, auta ya tafi makaranta. Maɓallin nan dai yana nan a kunne.

A ce kuɗin wata naira 10,000 ne. Shekara guda ke nan an biya 120,000 don gizo-gizo ya samu wurin saƙa. Alat yana shigowa kuwa, amma Alhaji irin mutanen nan ne da ba sa karanta saƙo sai wanda ya nuna kuɗi sun shigo. Na fita kuwa, sai ya ja tsaki ya ce, "Bankunan nan ɓarayi ne," ya mai da waya aljihu.

Ranar da asiri ya tonu, hujjarsa ɗaya ce: "Ai ko kunna ta ba mu yi ba!" Ya ɗauka dish ɗin yana kai rahoto sama. Ina! Tauraron ɗan'adam watso hoto kawai yake yi, dikoda ta karɓa. Ta wannan hanya ba ta mayar da amsa. Kamfani bai san ta ƙone ba, bai san an ɗauke wuta sati biyu ba, bai san an ɗora mata kwanon goro ba. Abin da ya sani shi ne lambar dikodar a rajistarsa, da izinin da aka ba shi na taɓa kati. Kwanaki yake sayarwa, kallo kuwa ruwanka. A 2020 'yan Majalisar Wakilai sun tayar da jijiyar wuya cewa a riƙa biyan iya abin da aka kalla, ga shi har yau agogon yana tafiya ko kana Makka.

Da Alhaji ya tashi ɗaukar mataki, sai ya yi abin da kowannenmu zai yi: ya fizge waya daga soket, ya zare katin dikodar, ya ce, "To su cira mu gani." Suka cira, ya gani.

"Alhaji, a sauke dish ɗin mana a ba mai gwangwan," in ji Hajiya.

"A sauke? Mutane su ce na karye?"

Nan gizo ke saƙar. Dish a saman rufi shaidar rufin asiri ce, ko yana kawo hoto ko tantabaru yake saukewa. Akwai ma gidajen da yaya ne ke biya daga Abuja. Kowa ya san dikodar ta mutu, amma ba mai faɗa masa. Wai alkunya. Gaskiyar ita ce ana tsoron in ya ji an daina kallo, ya yi tunanin duba sauran abubuwan da yake biya.

Maganin kuwa bai kai tsawon tallar da ake sakawa a hutun rabin lokaci ba. A koma inda aka ɗaura auren, can ake kwance shi. In a manhajar kamfanin aka kunna, a shiga a kashe maɓallin, a goge katin da aka ajiye. In banki aka ba umarnin biya duk wata, bankin za a sa ya soke, a karɓi shaida a rubuce. In an manta kalmar sirri, kuma autan da ya san ta ba ya ɗaukar waya, a rufe katin a karɓi sabo, sannan a sa ido kan alat ɗin wata mai zuwa, domin umarnin da aka ɗaura kan asusu bai damu da sauya kati ba.

Kuɗin baya fa? Alhaji ya saka babbar riga ya je ofishinsu da lambar dikoda a bayan katin ɗaurin aure. Aka ce masa an buɗe masa tashoshi duk tsawon watannin, shi ne bai kalla ba. Yarinyar da ke kan tebur ta ƙara da cewa ana rangwame kan sabuwar dikoda. Ya saya, ya miƙa mata katin banki don kada a yanke masa.