Ni Ma'abocin Layin Farko

Ina da wata cuta da na daɗe ina ɓoyewa, yau dai zan fasa ƙwai. Idan na buɗe ƙamus, layin farko kaɗai nake karantawa. Da na ga ma'ana guda sai in gyaɗa kai kamar dama na sani, in rufe littafi in miƙe. Kuma ba rashin ƙamus ke damuna ba. A ɗakina da ke cikin birni akwai Munjid, wanda Luwis Ma'aluf ya fitar a Bairut a 1908, akwai Mu'ujamul Wajiz, wanda Majalisar Harshen Larabci ta Alƙahira ta fitar a 1980 don ɗalibai. Duka a wajen masu littattafai na Kasuwar Kurmi na saye su, na jera su inda duk baƙon da ya shigo zai gani. Baƙi suna gani kuwa, har su ce, "Ma sha Allah, Malam ana ta fama."

Wannan hali shi ya kai ni ya baro lokacin da na nemi aikin koyarwa a wata Islamiyya ta unguwarmu. Na ce takardar Hausa ba ta dace da mai ƙamus biyu ba, da Larabci zan rubuta. Ina son in ce "ina sha'awar aiki a makarantarku". Na buɗe Wajiz, na samo ragiba, na ga kwaɗayin abu da son sa, na rufe. Saura harafin da zai biyo baya. Kunnena ya saba jin ana cewa argabu an, don haka na ɗora alƙalami na rangaɗa argabu anil amali, da ainun ɗinta ɓaro-ɓaro.

Shugaban makarantar dattijo ne, ba ya gaggawar magana. Ya karanta, ya cire tabarau, ya dube ni.

"Ɗana, wa ya tilasta ka?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, tilas kuma?"

Ya ce, "To ai ka rubuto mana cewa ba ka son aikin. Ban taɓa ganin wanda ya yi wanka ya sa babbar riga don ya kawo takardar ƙin aikin da ba a ba shi ba."

Ya aiki wani yaro ya ɗauko ƙamus, irin nawa sak, ya sa yatsana a ƙasan inda na tsaya. A nan na lura da wani abu da na sha tsallakewa: wawun ne da ɗan layi a gabansa, yana ta maimaituwa. Ɗan layin nan yana tsaye ne a madadin kalmar da ake fassarawa, don kada a yi ta sake rubuta ta. Duk inda ya bayyana, sabuwar ma'ana ce ta soma, kuma abin da ke biye da shi shi ne ginin da ke haifar da ma'anar. Ragiba fihi, ya so abin. Ragiba anhu, ya bar shi da gangan, ya juya masa baya. Ragiba ilaihi, ya roƙe shi da ƙanƙan da kai. Ragiba bi nafsihi anhu, ya ga ya fi ƙarfin abin. Fi'ili ɗaya ne, harafin jarra ne ke juya shi. An ɗin da kunnena ya riƙe kuwa mai alif ce, wadda ke shiga gaban fi'ili, ba ruwanta da mai ainun. A bakin Bahaushe irina duk ɗaya suke fita, a takarda kuwa gabas da yamma ne. Abin da ya kamata in rubuta shi ne argabu fil amali.

Malam ya ƙara min da wanda ya fi wannan haɗari. Da'a lahu, ya yi masa addu'ar alheri. Da'a alaihi, ya yi masa mugun baki. Ya ce in gode Allah takardar neman aiki na rubuta, ba ta barka da suna ba.

Da na koma gida sai na yi abin da ban taɓa yi ba tun da na sayi littafin, na karanta gabatarwa. Ashe layin farkon da na ɗauka sarkin ma'anoni ba don ya fi sauran yawan amfani aka sa shi a gaba ba. Tsari ne kawai. Ƙamusan Majalisar Alƙahira suna kawo fi'ili kafin suna, fi'ili tsura kafin mai ƙarin haruffa, wanda ba ya buƙatar karɓau kafin mai buƙata, ma'anar abin da ake gani da ido kafin ta tunani. Ke nan ma'anar da kake nema tana iya kasancewa can ƙasa. Abin da zai nuna maka ita shi ne jimlar da ke hannunka: wane harafi ne ya biyo bayan fi'ilin, mutum ne a bayansa ko abu? Sai ka bi layukan har ka tarar da mai gini irin naka. Kalmomin fulanun da shai'u da ke cike da shafin wannan aikin suke yi, ɗaya na nufin a sa mutum a gurbin, ɗaya a sa abu.

A gabatarwar ce kuma na gane wani ɗan layi dabam mai ɗauke da wasali, wanda ke zuwa daf da fi'ili. Da na ɗauka ɗigon tawada ne. Shi ke faɗin wasalin tsakiya na fi'ili mulari'i. A ragiba fataha ce, wato yargabu. Wanda bai duba ba sai ya ce yargibu a gaban jama'a, kuma na san wani da ya yi hakan. Jimun da ke tsakanin baka biyu kuwa jam'i take nunawa, abin da sau da yawa ba a cankarsa a Larabci.

Akwai laifin da na daɗe ina ɗora wa ƙamus alhali nawa ne. Na taɓa neman ittifaƙi a babin alif ban gani ba, na koma babin ta ban gani ba, na shaida wa abokan hira a dakali cewa littafin bai cika ba. Ƙamusan nan bisa tushen kalma aka jera su. Sai ka tuɓe wa kalma haruffan ƙari, ka mayar da ita asalinta, yawanci haruffa uku. Istigfari yana ƙarƙashin gafara. Ittifaƙi kuwa yana da tarko, domin ta ɗin farko wawun ce ta rikiɗe, asalin wafiƙa ne, can kusa da ƙarshen littafi. Haka ittisali yake ƙarƙashin wasala. In ka nemi kalma ka rasa, fara zargin tushen da ka ciro kafin ka zargi malaman Alƙahira.

Ƙaramin ƙamus yana da iyakarsa. Wajiz taƙaitacce ne, misalansa kaɗan ne. Idan gini ya shige min duhu yanzu, nakan je gidan wani maƙwabci in duba Mu'ujamul Wasiɗ, babban wansa da ya fito a 1960, ko Asasi na 1989, wanda aka yi da masu koyon Larabci a zuci, mai yalwar jimlolin misali. Misalin nake kwafa dungurungum, in cire kalmominsa in zuba nawa a gurbinsu, in bar haruffan jarra inda na same su.

An ba ni aikin, da sharaɗin in sake takardar. Sai dai ba zan yi ƙaryar warkewa ba. Har yanzu ina kai layi na biyu hannuna yake soma ƙaiƙayin rufe littafi. Dabarar da na samu ita ce, in ɗalibi ya tambaye ni kalma, sai in miƙa masa ƙamus in ce ya karanto mana bayanin daga farko har ƙarshe da babbar murya. Yara suna cewa Malam akwai tsanani. Ba su san tare muke ɗaukar karatun ba.