Yadda Na Haɗa Sabulu a Cikin Fayif

Ni na matsa aka sa mana sinki a kicin. Maiɗakina ba ta roƙa ba. Shekara da shekaru tana wanke-wankenta a tsakar gida, ta watsa ruwan a gindin gwanda, ba wanda ya taɓa jin kanta. Amma na je gidan wani abokina a Zuru na ga nasa yana ƙyalli, na dawo Dirin Daji na ce mu ma an daina tsuguno. Aka kafa, aka ja fayif daga tanki, aka ja wani zuwa sokawe. Wata biyu duk baƙon da ya zo sai na san yadda na yi na bi da shi ta kicin.

Sai Allah ya ba mu ƙaruwa, suna ya faɗo tsakiyar hunturu. Aka yanka rago mai kitse, aka soya, mata suka yi shinkafa da miyar manja tukunya uku. Duk kaskon da aka gama da shi a sinkin nan ya ƙare. Kwana uku bayan suna ruwa ya fara tafiyar hawainiya. In ka zuba kofi ɗaya sai ya tsaya yana kallonka, can ya yi wani ƙugi kamar tsoho na kurkure baki, sannan ya wuce.

"Baban Abba, a kira falamba," in ji ta.

Na ce wane falamba? Mutum da takardar koyarwa a hannu ai ba ya biyan kuɗi a kan ruwan wanke-wanke.

Da tsinken tsintsiya na fara, ya karye a ciki. Sai na tafasa ruwa cikin babbar tukunya har yana tsalle, na juye gaba ɗaya. Ruwa ya wuce fuu! Na kira yara su zo su ga ilimi. Washegari da asuba sinki ya toshe fiye da jiya. Daga baya na fahimci abin da na yi. Kitsen rago da manja narkewa suke da zafi, su daskare da sanyi, kamar yadda manja ke kwana a galan lokacin hunturu sai an kai shi rana. Tafasasshen ruwan nan ya narkar da kitsen ne kawai ya ɗan gusa da shi gaba, da ya huce cikin sanyin dare ya sake kama jikin fayif. Ga shi fayif ɗin na roba ne, irin farin nan, wanda tafasasshen ruwa ke iya sa shi laushi har mahaɗarsa ta saki.

A nan ya kamata in haƙura. Maimakon haka na aika Abba gidan maƙwabciyarmu mai sana'ar sabulu ya karɓo mini soda. Ta aiko da ita a leda tare da saƙon cewa in yi hankali da idona. Na zuba rabin gwangwanin madara a ramin, na bi da ruwa. Fayif ya ɗau zafi, wani tururi mai yaji ya taso ya shige mini hanci, na fita da gudu ina tari, na yi karo da akuya a bakin ƙofa. Ɗigo ɗaya ya taɓa bayan hannuna, sai da na tara shi a ruwa kusan minti ashirin, har yau tabon yana nan. Da komai ya lafa na leƙa. Ruwa ko motsi.

Falamban da aka kira yaro ne, na ma taɓa koyar da shi a aji huɗu. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya leƙa ƙarƙashin sinki, ya shinshina.

"Malam, me aka zuba a ciki?"

Na ce ruwan zafi ne. Maiɗakina daga bakin ƙofa ta ce, "Da soda."

Ya ja da baya. Ya ce gara da aka faɗa, don da ya kwance da hannu tsirara, ko ya danna robar nan mai tsotso, ruwan sodar ne zai fantsamo masa a fuska. Ya tambaya ko na ƙara da ruwan bilic ko ruwan batir. Na ce a'a. Ya ce alhamdu lillahi, haɗa bilic da asid iskar guba yake fitarwa, a ƙaramin kicin irin wannan tana iya kayar da mutum. Sannan ya tambaye ni, cikin ladabi mai ciwo, da me maƙwabciyata take haɗa sabulunta. Na ce soda da mai. Ya ce, "To, Malam, ga mai a fayif, kai kuma ka kawo soda."

Ya buɗe taga, ya sa safar hannu ta roba da tabarau, ya kwashe ruwan da ke kwance a sinki da tsohon kofi. Ya nuna mini wata gwiwa a ƙasa, inda fayif ya lanƙwasa ya sauka ya sake hawa. Ya ce da gangan aka yi ta haka, ruwa kaɗan ke zama a ciki kullum don ya tare warin sokawe da kyankyasai. Kuma a nan ne kitse, ƙwayar shinkafa da ganyen shayi suke taruwa. Ya tura bokiti ƙarƙashi, ya murɗe manyan zobba biyu da ke riƙe da ita, da hannu kawai, ba sifana. Gwiwa ta fito. Ya ƙwanƙwasa ta a bokiti, sai ga wani dunƙule fari-fari mai ratsin ja, da tsinken tsintsiyata a tsakiya kamar alawar yara. Abba ya ɗiba da cokali ya jiƙa, wallahi ya yi kumfa.

Ya kankare cikin, ya ɗauko waya mai lanƙwasa ya zura a fayif ɗin da ya shige bango, ya jawo sauran kitsen da tafasasshen ruwana ya kai can. Ya ce in ka kwance gwiwa ka same ta fes amma ruwa na jan ƙafa, to matsalar tana gaba, ko a doguwar hanyar ko sokawe ta cika, wannan kuma aikinsu ne.

Don in nuna ni ma ina da amfani, na karɓi gwiwar na ce bari in ɗauraye. Na ɗora ta a sinki na buɗe famfo. Kansa yana ƙasa a lokacin. Bai ce komai ba, ya dai fito ya goge wuya, ya ce Allah ya sa ruwan tanki ne.

Wajen mayarwa ya nuna mini ƙananan zobban roba da ke cikin mahaɗa, ya ce in ɗaya ya faɗi ko ya karkace, yoyo za a yi ta yi. Ya ɗaure da hannu daidai ƙarfi, ya ce matsewa da sifana fasa roba take. Ya cika sinki, ya saki, ya shafa busasshen tsumma a mahaɗar, ba laima. Duka-duka bai fi minti goma sha biyar ba.

Kafin ya tafi ya bar wa maiɗakina doka, ni ko kallona bai yi ba. Kitse da sauran mai a juye a gwangwani, kasko a share shi da takarda ko toka kafin ya ga ruwa, a sa rariya a bakin ramin. In ruwa ya fara nawa, a zuba sabulun wanke-wanke da ruwa mai zafi wanda bai tafasa ba, a toshe ƙaramar ƙofar da ke saman sinki da jiƙaƙƙen tsumma, a danna robar tsotso sau goma ko fiye. In ya ƙi, bokiti da gwiwa.

Na miƙa masa kuɗi ya ce haba Malam. Na ji daɗi, har sai da na gano ta bi shi zaure ta biya daga kuɗin cefanen da na bayar. Ranar miya ba nama. Manyan tukwane kuwa sun koma gindin gwanda, sinki kofuna kawai yake gani, sodar da ta rage na mayar wa mai ita.